Yadda na sayi gida ta hanyar eskuro, da abin da na gani a cinikin intanet

Ranar da muka yi ciniki da Alhaji mai gidan, a zauren gidansa muka zauna, ni da shi da dillali da ƙanena. Gida ne mai ɗaki uku da falo a Unguwar Dosa, cikin Kaduna, da ɗan sashen yara a baya. Muka yi ta ja har muka tsaya a naira miliyan 42, ya ce ya sallama, muka yi addu'a aka shafa. Da na tambayi takardu sai dillali ya riga shi amsawa, ya ce takardar shaidar mallaka tana banki, an kai ajiya. Ban kawo komai a raina ba, domin mutane da yawa suna kai muhimman takardunsu banki saboda gobara da ɓarayi.

Lauyata ce ta dage sai an yi bincike kafin in fitar da ko sisi. Ta shigar da buƙata a KADGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filaye da gidaje a jihar, kuma da sakamakon ya fito ta kira ni ofishinta. Gidan na Alhaji ne, sunansa ne a fayil, babu shakka a nan. Amma takardar ba ajiya aka kai ta ba, jingina ce. Ya ci bashin banki da ita, an yi wa jinginar rajista, kuma bashin bai ƙare ba.

Na koma wurinsa raina a ɓace. Bai musa ba. Ya ce, “Malam, ai shi ya sa nake sayar da gidan. Ka ba ni miliyan 15 kafin alƙalami, in je in biya su, in karɓo takardar in damƙa maka, ka cika mini saura.” Na ce, “Ranka ya daɗe, in na ba ka miliyan 15 a yau, me ke hannuna gobe?” Ya yi shiru, sannan ya mayar mini da tambayar. Ya ce to shi kuma in ya sa hannu a takardar sayarwa ya miƙa mini makulli, ni kuma na tsaya ina cewa kuɗi suna hanya, me ke hannunsa? Ya taɓa sayar wa wani fili a Rigasa da alkawarin cikawa bayan wata ɗaya, sai da ya shekara biyu yana bin sauran kuɗinsa. Ni kuwa abin da zan biya shi ne duk abin da na tara a shekara goma sha huɗu ina sayar da kayan sola. Bahaushe ya ce hannu da hannu cinikin makaho, to gida ba ya sayuwa haka, domin kuɗi suna tafiya cikin minti ɗaya, takarda kuwa sai ta yi watanni tana zagaya ofisoshi. A tsakanin nan dole wani ya riga wani sakin abin da ke hannunsa, kuma daga ni har shi babu mai son ya zama na farko.

A nan ne Barista, wato lauyata, ta ce mini, “Malam, mu yi eskuro.” Na taɓa ganin kalmar a rubuce, escrow, a shafukan sayayya na intanet, amma ban taɓa ɗauka tana da alaƙa da gida ba. Ta yi mini bayani a taƙaice: za mu samu wani na uku wanda ba nawa ba ne, ba na Alhaji ba ne. Ni in ba shi kuɗina, Alhaji ya ba shi takardunsa da sa hannunsa. Mu rubuta masa sharuɗɗa, mu duka mu sa hannu. In sharaɗi ya cika ya saki kuɗi ga Alhaji, ya saki takarda gare ni. In bai cika ba har wa'adi ya ƙare, kowa a mayar masa da abinsa. Ta ƙara da cewa kalmar daga tsohon Faransanci ta shigo Turanci, kuma asalinta guntuwar takarda ce ko naɗaɗɗiyar fata da aka yi rubutu a kai. Wato tun farko takardar mallaka ce ake damƙa wa na uku ya riƙe har a cika sharaɗi, daga baya ne sunan ya bi kuɗi.

Da na yi wa Alhaji wannan bayanin sai ya ce ai wannan ba sabon abu ba ne, ajiya ce a hannun amini. Yana da gaskiya. Malamanmu na fiƙihu sun yi maganar ajiye abin jingina a hannun wani amintacce da ɓangarori biyu suka yarda da shi, kuma a kasuwar shanu da ta goro an daɗe ana ciniki bisa amanar maigida ko fatoma da ke tsakanin baƙo da ɗan gari. Sai ya kawo shawarar a ba limamin unguwarsu kuɗin ya riƙe. Na girmama shawarar, amma na ƙi ta, kuma har yau ina ganin daidai na yi. Ba wai ina zargin liman ba ne. Miliyan 42 a asusun mutum ɗaya nauyi ne da bai kamata a ɗora wa bawan Allah ba. In ya rasu a tsakani, kuɗin suna cikin asusu mai sunansa, sai magada da kotu sun shigo kafin a taɓa su. Sannan liman maƙwabcin Alhaji ne na shekara talatin. In Alhaji ya zo masa da daddare ya ce matarsa na asibiti, a ba shi miliyan biyu daga ciki, da wane ido zai hana shi? Ni ma na ce lauyata ta riƙe a asusun da lauyoyi ke ajiye kuɗin waɗanda suke wa aiki, lauyan Alhaji ya ce a'a, ita tawa ce. Shi ma yana da gaskiya.

Muka tsaya a kan wani banki, wanda ba shi ne ke bin Alhaji bashi ba, kuma ba nan nake ajiya ba. Suna da sashen da ke wannan aikin. Suka ce ladansu naira dubu 250, muka raba biyu. Na roƙi a buɗe asusun da ba ya tara kuɗin ruwa, aka rubuta haka. Suka nemi katin shaida, lambar BVN, hotuna da bayanin inda na samo kuɗin, suka nemi irin wannan daga Alhaji. Dama dai ba zancen kai kuɗi a buhu, domin dokar hana safarar kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta hanyar banki ba.

Buɗe asusun bai ba mu wahala ba. Inda aikin yake shi ne rubuta sharuɗɗan sakin kuɗi, kuma a nan muka kwana takwas muna kai da kawo. A rubutun farko da na tsara da kaina na ce a saki kuɗi “idan mai saye ya gamsu da gidan da takardunsa”. Lauyan Alhaji ya soke shi nan take, ya ce wannan ya mayar da kuɗin hannuna ke nan, in na ga dama in ce ban gamsu ba har abada. Shi kuma ya rubuta a saki kuɗi “idan mai sayarwa ya sanar da cewa ya cika alkawari”, Barista ta soke. Ma'aikaciyar bankin da ke kula da fayil ɗinmu ce ta warware mana. Ta ce, “Malam, mu ba alƙalai ba ne, ba ma zuwa duba gida, ba ma auna gamsuwar kowa. Ku rubuta mana takardun da za mu gani da idonmu, ku faɗi wanda zai sa hannu a kowacce. In mun gan su mu biya, in ba mu gan su ba mu riƙe.” Wannan maganar ita ce ta buɗe mini ido a kan abin da eskuro yake. Kariyarsa tana cikin abin da kuka rubuta, kuma sai abin da za a iya ɗorawa a kan tebur a duba.

Muka raba kuɗin kashi uku. Kashin farko miliyan 11 da dubu 300 ne, adadin da bankin da ke bin bashi ya rubuta a wasiƙarsa cewa shi ya rage. Wannan ba zai bi ta hannun Alhaji ba, kai tsaye za a tura shi asusun bashin. Kafin a tura kuma sai abu biyu sun iso hannun mai riƙon amana: wasiƙar alkawari daga wancan bankin cewa da zarar kuɗi sun shiga zai miƙa asalin takardar mallaka da takardar warware jingina ga mai riƙon amana, ba ga Alhaji ba, sai kuma takardar miƙa mallaka da ta neman amincewar gwamna, waɗanda Alhaji ya riga ya sa wa hannu gaban shaidu. Wannan kashin ne ya fi hana ni barci, domin kuɗina za su fita alhali gidan bai zama nawa ba. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne sa hannun Alhaji ya riga ya bar hannunsa, kuma takardar in ta fito daga wancan bankin ba za ta kwana a gidansa ba balle wani ya zo ya taya da farashi mafi tsoka.

Kashi na biyu miliyan 26 da dubu 500, za a ba Alhaji idan asalin takardar da ta warware jingina sun iso, kuma lauyoyin biyu sun sa hannu a wasiƙa ɗaya cewa an miƙa gida babu kowa a ciki. A daidai lokacin ni kuma za a miƙa mini takardun. Kashi na uku miliyan 4 da dubu 200, wato kashi 10 cikin 100, za a riƙe har amincewar gwamna ta fito. Dalilin wannan yana cikin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978: sashe na 22 ya ce mai riƙe da haƙƙin mallaka da gwamna ya bayar ba zai miƙa shi ga wani ba sai da amincewar gwamna. In an je neman amincewar aka tarar da tsohon bashin kuɗin ƙasa, ko aka buƙaci Alhaji ya zo ya sake sa hannu, ina son ya kasance yana da dalilin ɗaga wayata. Lauyansa ya yarda, amma ya sa iyaka: in kwana 150 suka wuce ba tare da an samu wata matsala daga ɓangaren Alhaji ba, a sake masa kuɗinsa ko amincewa ta fito ko ba ta fito ba. Muka kuma sa wa'adin kwana 60 ga kashi biyun farko, da abin da zai faru in ciniki ya rushe bayan an biya bashin: takardar za ta zauna a hannun mai riƙon amana har Alhaji ya dawo mini da abin da aka biya masa.

Matsala ta farko daga wurina ta fito. Wasiƙar da ta faɗi adadin bashin tana da wa'adin kwana 14, domin kuɗin ruwa na hawa kullum. Ni kuma kuɗina a warwatse suke, wasu a asusun shago, wasu a hannun abokan ciniki, ga iyakar abin da ake iya turawa a rana ta manhajar waya. Yarjejeniya ta ce ba za a taɓa komai ba sai miliyan 42 sun cika cif a asusun, kuma wannan sharaɗin Alhaji ne, don kada a biya bashi sannan in ce saura babu. Kafin in gama tattarawa wa'adin ya wuce da kwana tara, bashin ya ƙaru da kusan naira dubu 78. Na ce wa ma'aikaciyar ta ƙara kawai daga kashi na biyu, ai kuɗin suna nan. Ta ce ba za ta iya ba, abin da aka rubuta mata miliyan 11 da dubu 300 ne, ko naira ɗaya ba za ta ɗora ba sai mu biyun mun sa hannu a gyara. Ran nan na ji haushi ƙwarai, na ga kamar taurin kai ne a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Sai da na kwana na gane cewa wadda za ta ƙara dubu 78 saboda na yi mata magana a waya, gobe za ta iya sakin miliyan 10 saboda Alhaji ya yi mata magana. Muka karɓo sabuwar wasiƙa, muka rubuta gyara, kuma tun da jinkirin nawa ne na ɗauki ƙarin a aljihuna. Da mun san haka, da tun farko mun rubuta “adadin da ke cikin wasiƙar banki ta ƙarshe, muddin bai wuce kaza ba”.

Bayan an biya bashin da kwana 19 takardar ta iso. Aka kira mu, na je da Barista. Ma'aikaciyar ta fito da ita daga ambulan, takarda mai kauri da ta ɗan yi ja saboda daɗewa, da taswirar filin a manne a baya. Barista ta ɗora ta gefen sakamakon binciken KADGIS tana bin lambar fayil da lambar fili da yatsa, harafi bayan harafi, ta duba hatimin takardar warware jingina. Aka bar ni na riƙe ta kamar minti biyu, sannan aka mayar cikin ambulan aka kulle. Na gan ta, na taɓa ta, amma ba tawa ba ce tukuna, domin akwai ɗan haya a sashen baya da bai tashi ba.

A makon da muke jiran ɗan hayar aka yi ruwa mai ƙarfi. Na je gidan washegari na tarar silin ɗakin tsakiya ya jiƙe sharkaf, ruwa ya bi bango har ƙasa. Na kira kafinta ya hau, ya ce kwanon ya ruɓe a wurare da dama kuma wasu katakan sun ci, gyaran zai kai miliyan ɗaya da rabi. Raina ya ɓaci, na kira bankin na ce kada a saki kashi na biyu sai an rage wannan. Amsar da na samu ita ce rufi ba ya cikin sharuɗɗa. Na kira Barista na ce to kada ta sa hannu a wasiƙar miƙa gida. Ta ce, “Malam, wasiƙar cewa take gida babu kowa a ciki. In ɗan haya ya fita, babu kowa a ciki. Ba zan ƙi sa hannu a kan gaskiya don in matsa wa mutum ba. Rufin kuwa tun kafin ciniki ya kamata mu sa a duba.” Na san haka ne. Sau uku na zagaya gidan kafin ciniki, duk da rani, ban taɓa sa wani ya leƙa saman silin ba.

Sai a ranar na fahimci abin da ake nufi da cewa eskuro yana kare ɓangare biyu. Har zuwa lokacin kallon garkuwata nake yi masa, abin da zai hana Alhaji cin kuɗina. Ashe shi ma yana kare Alhaji daga gare ni. Da kuɗin suna asusuna, na rantse da na riƙe miliyan ɗaya da rabi, ina ganin ina da hujja, shi kuma dattijo ya riga ya sa hannu, ba shi da abin yi sai roƙo ko kotu. Tun ranar da na zuba kuɗin suka fita daga ikona, ko da yake ba su shiga nasa ba. Abin da ya rage mini shi ne in je in same shi mu yi magana ta mutunci. Na je, na nuna masa hoton silin a waya. Ya duba ya ce wallahi shekara biyu rabonsa da shiga ɗakin, ya ce zai ɗauki dubu 500. Ba dole aka yi masa ba, kuma da ya ƙi babu abin da zan iya. Muka rubuta gyara na biyu. Ɗan haya ya tashi ranar Asabar, Litinin lauyoyi suka sa hannu, Talata da hantsi Alhaji ya ga miliyan 26 a wayarsa, ni kuma na fito daga bankin da ambulan a hammata.

Muna cikin jiran amincewar gwamna ne maiɗakina ta ce tana son keken ɗinkin sirfani na kwamfuta, wanda aka taɓa amfani da shi, kuma ta ga wani a Legas yana tallarsa a intanet a kan naira dubu 850. Da na ce masa ba zan tura kuɗi ga wanda ban sani ba, shi da kansa ya ce mu yi eskuro, ya turo mini adireshin wani shafi. Shafin ya yi kyau, da tambari da hoton kwaɗo da komai. Amma abin da na koya a cinikin gida ya sa na tsaya. Shi ya zaɓo mai riƙon amanar, ni ban taɓa jin sunansu ba. Babu inda aka ce in rubuta sharaɗi ko in zaɓi kwanakin dubawa. Lambar asusun da suka ba ni kuma da na saka a manhajar banki, sunan wani mutum ne ya fito, ba sunan kamfani ba. Na nemi sunan kamfanin a rajistar CAC, hukumar da ke yi wa kamfanoni rajista, ban same shi ba. Na ce masa na yarda da eskuro, amma ni zan kawo kamfanin, shi ma ya bincika ya gamsu. Daga nan bai sake amsa saƙona ba. Kalmar da aka yi don kariya ita ce 'yan damfara suke sa wa tarkonsu, domin sun san tana sa mutum ya saki jiki.

Muka samu wata mata, ita ma a Legas, mai irin keken a kan dubu 900. Na kawo wani kamfanin eskuro da wani abokin kasuwancina ya daɗe yana amfani da shi, na rubuta adireshinsu da hannuna maimakon bin wanda aka turo, ita ma ta bincika ta yarda. Tsarin iri ɗaya ne da na gida, sai dai a gajarce. Na buɗe ciniki a shafin na rubuta samfurin keken, lambar jikinsa da ta ɗauko mini a hoto, cewa yana kunnuwa yana ɗinki, da firam uku da za su biyo shi. Muka sa kwana uku na dubawa daga ranar da kaya suka iso, muka rubuta cewa in an fasa ni zan biya kuɗin mayarwa. Ta amince a nata ɓangaren, na biya, kamfanin ya sanar da ita kuɗi sun shiga. Ta gaya mini daga baya cewa abin da ya sa ta yarda shi ne an taɓa karɓe mata kaya da alat na bogi, saƙo ya shigo waya kamar na banki alhali babu abin da ya shiga. A nan kuwa cikin shafin ta shiga da kanta ta ga an tabbatar, sannan ta kai kaya tasha.

Da keken ya iso, ƙanena ya riƙe waya yana ɗaukar bidiyo tun kafin mu yanke igiyar kwalin, aka nuna takardar direba, aka nuna lambar jikin keken, aka kunna shi. Ya yi ɗinki lafiya, amma firam biyu ne a ciki. A shafin akwai maɓalli biyu, `Release funds` na sakin kuɗi da `Open dispute` na shigar da ƙorafi. Matar ta kira ta ce, “Malam, don Allah ka danna a sake mini kuɗin, na ukun zan aiko maka gobe.” Na ba ta haƙuri na ce ba zan danna ba, domin in an saki an saki ke nan, babu mai dawo da shi. Ban kuma zauna shiru ba, saboda a ƙa'idarsu in kwana ukun suka cika mai saye bai ce komai ba, ana ɗauka ya karɓa a biya mai kaya. Wannan ma kariya ce gare ta, don kada in karɓi kaya in ɓace. Na shigar da ƙorafi a rana ta biyu na ɗora bidiyon, aka dakatar da agogo. Ba a kai ga kamfanin ya yanke hukunci ba, muka daidaita a rage dubu 25, kowa ya amince a shafin, aka tura mata dubu 875 aka dawo mini da saura. Da ban rubuta “firam uku” tun farko ba, da ba ni da abin kamawa, kamar yadda ban samu abin kamawa a kan rufi ba.

Amincewar gwamna ta fito a wata na huɗu da fara jiranta. Kafin nan, da aka zo lissafi, an tarar da bashin kuɗin ƙasa na wasu shekaru a kan gidan, naira dubu 310, duk na zamanin da yake hannun Alhaji. Yarjejeniya ta riga ta ce irin wannan daga kashi na uku za a cire, don haka babu wanda ya ɗaga murya. Barista ta kai takardar biyan, lauyan Alhaji ya sa hannu, aka biya daga asusun. Da aka yi wa takardar miƙa mallaka rajista da sunana, muka kai wa bankin kwafi mai hatimi, suka tura wa Alhaji miliyan 3 da dubu 890, suka rufe asusun, suka ba kowannenmu bayanin duk abin da ya shiga da wanda ya fita.

Da la'asar ya kira ni ya ce ya ga saƙo. Ya tambayi rufi, na ce an gama, mun tare tun makon jiya. Ya ce akwai wani makullin ƙofar baya da ya tsinta a aljihun tsohuwar rigarsa, in turo yaro ya karɓa, sannan ya ce in ba shi lambar ma'aikaciyar nan ta banki, domin ɗansa na shirin sayen fili a Zariya.